Gajeren zanen tafin hannu ba gajeren kwana ba ne

"Likita, barka da aiki. Wani abokin aikina mai karance-karancen duban tafin hannu ya kama hannuna, ya ce zanen da ya kewaye gindin babban yatsana, wanda suke kira layin rayuwa, ya tsaya a tsakiyar tafi, wai masu irinsa ba sa wuce shekara arba'in da 'yan kai. Shekarata 31, 'ya'yana biyu. Na san ajali na Allah ne, amma maganar ta tsaya mini a rai. Shin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta ta fuskar likitanci?"

Babu, ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka. Amma ba na so ka karɓi "babu" daga bakina kamar yadda ka karɓi "arba'in" daga bakin abokinka, don idan haka ne gobe wani zai sake kama hannunka ya mayar da kai ruwa. Gara ka san mene ne wannan zanen, ka gani da idonka.

Buɗe hannunka na dama, ka miƙar da yatsun. Yanzu ka kawo kan babban yatsa a hankali har ya taɓa kan ƙaramin yatsa. Dubi tafin yayin da kake yi. Za ka ga tudun naman da ke gindin babban yatsa ya taso ya nufo tsakiya, fata kuma ta naɗe a daidai gefensa. Wurin da ta naɗe ɗin nan shi ne zanen da ake magana. Ka saki, ka sake yi, kullum a nan take naɗewa. Tudun nan tsokoki ne ƙanana guda uku da ke juya babban yatsa ya fuskanci sauran yatsu, kuma da wannan juyi ne ɗan Adam ke riƙe alƙalami da ƙotar fartanya da allura. Zanen shi ne iyakar tudun.

Sai ka ƙara gwada wani abu. Tsunkuli fatar bayan hannunka, za ta taso cikin sauƙi. Tsunkuli ta tsakiyar tafi, ba za ta yarda ba. Dalili shi ne a ƙarƙashin fatar tafi akwai wata farar shimfiɗa mai tauri, kuma an ɗaure fatar da ita da zaruruwa masu yawa don kada ta riƙa zamewa idan ka damƙi abu. A kan zanen nan ɗaurin ya fi tsanani, kitsen da ke ƙarƙashi kuma ya fi ƙaranci, shi ya sa wurin ya lotsa. Kamar takalmin fata ne da yake yin kari a inda yatsun ƙafa ke lanƙwasawa, sai dai shi hannu da karinsa ake haifarsa. Irin wannan zane kana da shi a gaɓoɓin yatsu, da wuyan hannu, da cikin gwiwar hannu, ba wanda ya taɓa ce maka na gwiwar hannu yana ƙidayar shekaru.

Manyan zane-zanen tafi uku ne, kuma suna fitowa tun ɗa yana cikin mahaifiyarsa, daga wajen wata na biyu zuwa ƙarshen na uku, lokacin da tsawon ɗan tayin gaba ɗaya bai wuce na yatsa ba. Wanda ya kewaye babban yatsa yana cikin waɗanda ke fara bayyana. Abin da ke tsara shi shi ne gado da kuma yadda hannun ya ginu yake motsi. Muna da shaidar wannan a asibiti: jaririn da aka haifa ba babban yatsa, ko yatsan ya zo a tsumbure, sau da yawa ba shi da wannan zanen sam, ko kuwa ya zo dishi-dishi. Jariran da wata lalura ta hana gaɓoɓinsu motsi sosai a ciki su ma zanensu kan zo da rauni. Mutumin da aka haifa ba babban yatsa, in dai sauran jikinsa lafiya, yana iya tsufa har ya ga jikoki ba tare da wannan layi ba ko kaɗan. Birai ma suna da zane a tafinsu, saboda su ma kama abu suke yi.

To me ya sa naka ya tsaya a tsakiya? Ban ga hannunka ba, amma na duba hannaye masu yawa a bakin aiki, kuma abin da ake kira gajeren layi kusan kullum ɗaya ne cikin 'yan abubuwa. Wani zanen kan rabu biyu a tsakiyar tafi, reshe ɗaya ya ɓace, ɗayan ya ci gaba siriri har wuyan hannu. Wani kan yanke, sai wani zanen ya ɗauko daga gefensa kaɗan ya ƙarasa kewayen. Wani kuma yana nan, kanta ce ta aikin ƙarfi ko bushewar fata ta lokacin hunturu ta dusashe shi. Ka wanke hannu, ka shafa mai, ka ɗan dunƙule shi a wuri mai haske, mai yiwuwa ka ga ci gaban da abokinka bai gani ba. Ko da kuwa da gaske ya tsaya, ma'anarsa kawai fatarka ta raba naɗewarta tsakanin ƙananan zanuka maimakon guda ɗaya mai zurfi.

Yanzu bari mu bi lissafin masu duban da kansa, don a nan ne abin ke rushewa. Yadda suke yi shi ne su ɗauki farkon zanen, tsakanin babban yatsa da manuniya, a matsayin ranar haihuwa, su ɗauki inda cikakken zane kan ƙare a wuyan hannu a matsayin tsufa, sai su raba tsakanin zuwa shekaru. Tambayar farko: tsufan nawa ne? Littattafansu ba su haɗu a kai ba. Wasu saba'in suke sa wa, wasu tamanin, wasu su kai casa'in ko fiye. Mu ɗauki misali. A ce cikakken kewayen a hannunka, in aka bi shi da zare aka auna, santimita 10 ne, zanen da ake gani sosai kuma ya tsaya a santimita 6. Mai ma'aunin saba'in zai ba kowace santimita shekara 7, ya ce 42. Mai ma'aunin casa'in zai ba ta shekara 9, ya ce 54. Hannu ɗaya, rana ɗaya, an samu tazarar shekara 12. Sai a juya hannun hagu, domin da wuya ka ga mutumin da zanen hannayensa biyu suka zo daidai. A ce na hagu ya kai santimita 7 da rabi: na farko zai ce 52 da rabi, na biyu ya ce 67 da rabi. Ga amsoshi huɗu ke nan ga mutum guda, daga 42 zuwa 67 da rabi. Sannan ƙarshen zanen ba yankewa yake yi ƙat ba, sirancewa yake yi a hankali, don haka mutum biyu za su iya saɓawa da rabin santimita a kan inda ya ƙare, wato shekara uku da rabi zuwa huɗu da rabi. Wanne hannu za a bi? Nan ma wasu sun ce dama ga namiji hagu ga mace, wasu sun ce hannun da mutum ke aiki da shi, wasu sun ce a haɗa duka biyun. Ba wanda ya samo waɗannan lambobi ta hanyar bin diddigin mutane har mutuwarsu. Ɗora su aka yi a kan zanen.

Tunanin tsoho ne, shi ya sa yake da kwarjini. Aristotle, masanin Girka na ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa masu tsawon rai suna da zane ɗaya ko biyu da suka ratsa tafi gaba ɗaya, masu gajeren rai kuma zanensu biyu ne da ba su ratsa ba. Lura da kyau, zanen da ke ratsa tafi yake magana, ba wanda ya kewaye babban yatsa ba, wato tun asali ba a ma daidaita a kan wane zane ne ke riƙe da kwanan mutum ba. Indiya da Sin suna da nasu tsarin na daban tun zamanin da. Wanda ya bazu a littattafai da wayoyi a yau, mai layin rai da na kai da na zuciya, galibi ta Turai ya biyo, kuma ya samu kasuwa sosai a ƙarshen ƙarni na 19 a hannun mutane irin su William John Warner, ɗan ƙasar Ireland da aka fi sani da Cheiro, wanda ya rasu a 1936. Abin lura kuma, da yawa daga masu sana'ar a yau sun janye daga wannan iƙirari. Sukan ce layin kuzari da ƙarfin jiki yake nunawa, ba adadin shekaru ba. Wannan ma ba shi da hujja, amma ka ga ko a cikin gidan an daina tsayawa a kan abin da aka faɗa maka.

Likitoci sun gwada maganar, kuma ya kamata in gaya maka duka abin da aka samu, har da wanda masu duba ke kafa hujja da shi. A 1974 wasu masu bincike biyu, Wilson da Mather, sun auna zanen a jikin gawa 51 suka kwatanta da shekarun da kowa ya rasu, ba su ga wata dangantaka ba. A 1990 kuwa wasu likitoci uku a Bristol ta Ingila, Newrick da Affie da Corrall, sun auna a gawa 100 da aka kawo bincike a jere, suka ba da rahoton cewa waɗanda suka rasu da manyan shekaru zanensu ya fi tsawo. A 2019 wasu masana ilimin ƙirar jiki a Adelaide ta Ostireliya suka sake aunawa a gawa 60, su ma ba su ga dangantaka ba.

Na Bristol ɗin shi ake yawan jawowa, don haka a tsaya a kansa. Matsalarsa ita ce an auna zanen ne bayan mutuwa, wato a ƙarshen rayuwa, ba a farkonta ba. Dubi hannun kakarka ka kwatanta da na ƙanwarka 'yar shekara ashirin. Da tsufa fata kan saki, kitse da tsokar tudun nan su ragu, zanuka su yi zurfi, ƙananan tamoji su haɗu da manyan zanuka har su zama kamar ci gabansu. Saboda haka in an tarar da dogon zane a hannun ɗan tamanin, bayani mafi kusa shi ne shekarun ne suka bayyana zanen, ba zanen ne ya kawo shekarun ba. Idan ana so a nuna cewa zane na hasashen kwana, sai an auna shi a hannun dubban matasa, a rufe sakamakon, a jira shekaru aru-aru, sannan a ga ko masu gajeren ne suka riga tafiya. Awon gawa ɗari a asibiti guda ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba, balle ga wasu awon biyu da suka saɓa masa.

Akwai kuma hujjojin da ba sai an shiga ɗakin bincike ba. Jariri cikakke da ya rasu a makon haihuwarsa, in ka buɗe ɗan tafinsa, mafi yawan lokaci za ka tarar da zanen ya kewaye tudun nan cif har wuyan hannu. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin jarirai ya ga wannan, kuma abu ne mai taɓa zuciya. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe mutum sama da 11,000 a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa, cikin 'yan watanni, yara da matasa ne suka fi yawa. Ba zanen hannu ne ya tara su ba, zafi da ƙura da cunkoso da rashin riga-kafi ne. A Ingila ta tsakiyar ƙarni na 19 matsakaicin tsawon rai bai wuce shekara arba'in da kaɗan ba, yau ya kai tamanin. A Japan yau ya haura tamanin, a Nijeriya bai kai sittin ba. Tafin hannun Ingilishi bai sauya ƙira ba a tsakanin nan, na Bajapane kuma bai fi na Bakano tsawon zane ba. Abin da ya sauya shi ne ruwan sha, da abinci, da allurar riga-kafi, da kula da mai naƙuda, da maganin cututtuka.

To in abin ya bayyana haka, me ya sa yake kama mutane, har da masu ilimi da imani irinka? Ni a ganina babban dalili shi ne siffar zanen. Yana da mafari, yana da tafiya, yana da ƙarshe, kuma an riga an laƙaba masa sunan rai, sai zuciya ta ƙarasa sauran da kanta. Na biyu, hasashe ne da ba a iya kama mai yinsa. Wanda ya ce maka arba'in kana da shekara 31, sai bayan shekara goma za a san ya yi kuskure, lokacin kuwa kowa ya kama gabansa. In mai gajeren zane ya kai tamanin, akwai mafita a ajiye: za a ce ai akwai wani ƙaramin layi a cikin tudun da ya tallafe shi, ko layin ya koma cikin na tsakiya, ko hannun hagu ya kamata a duba. In mai dogon zane ya rasu da ƙuruciya, sai a nemo wani ɗigo ko 'yar tsaga a ce ga alamar nan ba a lura ba. Maganar da ba abin da zai faru ya ƙaryata ta, ba ta faɗi komai ba ke nan. Sannan ɗabi'ar mutane ce su riƙe wanda ya dace su manta da wanda bai dace ba. Mutum guda da aka yi wa hasashe ya rasu da wuri, labarinsa zai zaga gari shekara da shekaru, ɗarin da suka tsufa kuwa ba mai ba da labarinsu.

Tunda ka ambaci ajali, ka riga ka san ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman, cewa babu rai da ya san abin da zai aikata gobe, babu kuma rai da ya san a wace ƙasa zai mutu. Ka kuma san hadisin da ke cikin Sahihu Muslim game da wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, cewa ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Fatawa ta malamai ce, ni dai abin da zan ƙara shi ne duban tafi da ya zo cikin littafin Turanci ko manhajar waya bai bambanta da bugun ƙasa ba a abin da yake iƙirari. Abokinka wataƙila bai nufe ka da sharri ba, amma ka gaya masa cikin lumana ya daina faɗa wa mutane irin wannan. Illarta ta gaske ce. Na ga waɗanda fargaba irin wannan ta hana barci har bugun zuciya ya kawo su asibiti. Ɗaya ɓangaren ya fi damuna: mutumin da aka ce masa layinsa dogo ne, sai ya ɗauki hawan jininsa da wasa.

Kada kuma ka ga likita yana juya tafin majiyyaci ka ɗauka abu ɗaya muke yi da masu duba. Muna duba hannu ƙwarai, amma halin da jiki ke ciki yanzu muke nema. Launi muke fara kallo. Tafin da ya yi fari fat alamar ƙarancin jini ce, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke buɗe tafin yaro mai zazzaɓin cizon sauro su kwatanta da nasu, in har cikin zanukan ma sun koɗe to ƙarancin ya yi tsanani. Akwai kuma zane guda da ke ratsa tafi daga gefe zuwa gefe a maimakon biyu, irin wanda Aristotle ya ɗauka alamar tsawon rai ce. Ana samunsa a kusan rabin yaran da aka haifa da lalurar Down, wadda ke jinkirta girma da koyo, amma ana samunsa kuma a mutane 'yan kaɗan cikin kowane ɗari masu cikakkiyar lafiya, don haka shi kaɗai ba ya tabbatar da komai, sai an haɗa da sauran alamu da gwaji.

Abin da ya cancanci ka sa wa ido a wannan wuri na hannunka shi ne tudun da zanen ya kewaye. Jera hannayenka biyu ka kwatanta. Idan tudun ɗaya ya faɗa ya yi kwari, babban yatsa ya rage ƙarfi har ɓalla maɓalli ko riƙe mabuɗi na ba ka wuya, ga kuma jin sanyi-sanyi ko tsikari a babban yatsa da manuniya da na tsakiya, musamman da dare har ya tashe ka kana yarfe hannu, to jijiyar da ke ratsa wuyan hannu ce ake matsewa. An fi ganin haka ga masu ciwon suga, da mata masu juna biyu, da masu aikin da ke wahalar da wuyan hannu. Da wuri, takalmin hannu da ake ɗaurawa da dare kan wadatar, in ya yi nisa kuwa ƙaramar tiyata ce. Idan kuma faɗawar tsokar ta zo tare da wani tabo mai haske a fata wanda ba ka jin taɓi a kansa, ko kana ƙonewa ba ka ji ba, kada a ɓata lokaci, a je a gwada kuturta. Tana warkewa da haɗin magunguna na wata 6 zuwa 12 da ake bayarwa kyauta, kuma in an fara kafin jijiya ta lalace, yatsu ba sa naƙasa.